Kafin a kunna fim a falo: yadda ake tantance shi tun daga alama har zuwa gani da ido

Shekarun baya na kunna wa iyalina wani fim da nake da tabbacin na san shi ciki da bai, domin na taɓa kallonsa a wata tashar talabijin daga farko har ƙarshe ban ga abin kawar da kai ba. Mahaifiyata tana zaune, yara suna kwance a ƙasa sun tallafi haɓa. Ba a yi minti arba'in ba sai ga wani waje da ban taɓa gani ba. Na yi ta laluben rimot, shi kuma ya shige ƙarƙashin matashi. Inna ba ta ce uffan ba, ta dai miƙe ta gyara mayafinta ta ce, "Bari in je in ɗan kishingiɗa." Da ta yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi.

Abin da ya faru shi ne tashar ta yanke wurin kafin ta nuna, ni kuma na samo cikakken kwafi. Suna ɗaya, hoton bango ɗaya, amma ba fim ɗaya ba ne. Tun daga ranar ba na yarda da tunanina a kan fim, ba na yarda da "ai wane ya ce ba komai a ciki", kuma ba na yarda da lambar shekarun da ke kan bango ita kaɗai. Ga yadda nake yi yanzu, a jere daga abin da ke cin minti ɗaya zuwa abin da ke cin sa'a guda. Amfanin jerin shi ne yawancin finafinan da ba su dace ba tun a matakan farko suke faɗuwa, ba sai ka ɓata darenka a kansu ba.

Mataki na farko: rubuta ma'aunin gidanka

Kafin ka buɗe wani shafi, ku zauna da mai ɗakinka ko maigidanki ku raba abubuwa gida biyu. Gida na farko abin da in yana cikin fim an gama magana: misali tsiraici, nuna kwanciyar mace da namiji, izgili da Allah ko annabawa ko littafi mai tsarki, ko sa wani ɗan wasa ya fito a matsayin annabi. Gida na biyu abin da za a iya tsallakewa ko a yi wa yara bayani: sumba ta daƙiƙa biyu, kwalbar giya a kan tebur, faɗa marar jini, mutuwar wani a labari.

Kada ka raina wannan matakin. Idan ba a rubuta ba, abin da ke faruwa shi ne ka karanta bayanin fim kana son kallonsa, sai zuciya ta riƙa yi maka sassauci, "ai kaɗan ne". Kuma gidaje sun bambanta. Wani gidan ba ya damuwa da tatsuniyar mai sandar tsafi, wani kuma ko kusa ba ya son yaro ya ga ana neman biyan buƙata a wurin boka. Babu shafin da zai yanke muku wannan. Su dai za su gaya maka abin da ke ciki.

Ka kuma lura da wanda zai zauna a ɗakin. Ma'auni ba na ƙaramin yaro kaɗai ba ne. Akwai abin da yaro ɗan shekara biyar ba zai ma gane ba, amma saurayi ɗan sha huɗu zai gane sarai, kuma zai ji nauyin ganinsa a gaban mahaifiyarsa.

Mataki na biyu: tabbatar da wane fim ne a hannunka

Wannan shi ne ramin da na faɗa. Nemi abu uku: ainihin sunan fim ɗin, shekarar da ya fito, da tsawonsa a minti. Shekara tana da muhimmanci domin ana sake yin tsofaffin finafinai da suna ɗaya, kuma sau da yawa sabon ya fi tsohon rashin kunya. Idan fim ne da aka fassara aka laƙaba masa sabon suna, nemo sunan asali ta hanyar sunan jarumin da shekara, in ba haka ba duk binciken da za ka yi a kan wani fim dabam zai faɗa.

Tsawon minti kuwa shi ne ke tona asirin kwafi. Idan shafi ya ce fim minti 112 ne, naka kuma ya nuna 121, to akwai minti tara da waɗanda suka rubuta bayanin wataƙila ba su gani ba. Duba ko an rubuta Unrated, Extended ko Director's Cut a jikin sunan. Unrated ba ya nufin fim ba shi da matsala. Yana nufin ba a kai wannan kwafin gaban masu tantancewa ba, kuma galibi abin da aka cire don a samu sassaucin alama shi aka mayar ciki.

Mataki na uku: karanta alamar shekaru, amma ka san iyakarta

Finafinan Amurka suna ɗauke da alamar ƙungiyar MPA, tsarin da aka fara a 1968. A yau alamomin biyar ne: G, PG, PG-13, R da NC-17. A Birtaniya hukumar BBFC ce ke sa U, PG, 12A ko 12, 15 da 18. Finafinan Indiya suna da U, UA da A, kuma a baya-bayan nan an raba UA gida uku bisa shekara 7, 13 da 16. Shirye-shiryen talabijin na Amurka kuma suna da nasu, daga TV-Y har zuwa TV-MA, wani lokaci da ƙarin harufa: S na nufin al'amuran jima'i, D maganganun batsa cikin hira, L zagi, V kuma tashin hankali.

Amfanin alama shi ne kore fim da sauri. In ka ga R, 18, A ko TV-MA, don kallon iyali ba sai ka wahalar da kanka ba. Amma alama ba ta iya wanke fim. Wanda ya ga PG-13 ya saki jiki zai sha mamaki, domin ƙa'idarta ta yarda da ɗan gajeren tsiraici, ta yarda a furta mafi munin ashar na Turanci sau ɗaya. Titanic na 1997 alamarsa PG-13 ce, kuma akwai tsiraicin mace a fili a cikinsa. Sannan ita kanta PG-13 sai a 1984 aka ƙirƙiro ta. Kafin nan babu komai tsakanin PG da R, saboda haka tsohon fim mai alamar PG yana iya ɗauke da abin da a yau ba za a ba shi PG ba.

Abin da ya fi lambar amfani shi ne 'yar gajeriyar jimlar da ke ƙarƙashinta, wadda ke faɗin dalilin alamar. Kalmominta suna da nauyi dabam-dabam, kuma yana da kyau ka san su kamar yadda suke fitowa. Brief na nufin abin ya faru amma bai daɗe ba. Some ya fi shi yawa. Strong, pervasive da throughout suna nufin abin ya cika fim ɗin. Sensuality da suggestive material su ne kalmomin da suka fi yaudarar iyaye, domin a ƙarƙashinsu ake ɓoye rungume-rungume, rawar banza da habaicin batsa. Thematic elements kuwa buhu ne da ake zuba komai: mutuwa, sakin aure, cikin shege, kashe kai. In ka gan ta, sai ka tona ka ga me ke ciki. Shafin BBFC ya fi taimako a nan, domin yakan yi bayanin kowane fim a 'yan sakin layi, ba jimla ɗaya ba.

Yanzu ga babban giɓin. Waɗannan alamomi suna auna yawan fatar jikin da aka nuna, yawan jini, yawan ashar. Ba a gina su don auna aƙida ba. Fim ɗin zane The Prince of Egypt na 1998 alamarsa PG ce, babu batsa a cikinsa, amma ya zana Annabi Musa ya sa masa murya, har ƙasashen Malesiya da Maldibes suka hana nuna shi. Gidan Kirista da yawa sun karɓe shi hannu biyu, gidan Musulmi da yawa ba za su kunna shi ba, kuma alamar PG ba ta gaya wa ko ɗayansu komai a kan wannan ba. Haka fim zai iya fita tsaf ba zagi ba tsiraici, alhali gaba ɗayan labarin yana koya wa yarinya cewa iyayenta ne cikas ga farin cikinta, ko yana nuna duk mai riƙo da addini a matsayin wawa ko mugu. Wannan sai ka nemo shi da kanka.

Mataki na huɗu: shafukan da ke lissafa abin da ke ciki

A nan aikin yake, kuma minti goma ya isa in ka san inda za ka duba.

Fara da IMDb. Buɗe shafin fim ɗin ka nemi Parents Guide. An raba shi kashi biyar: Sex & Nudity, Violence & Gore, Profanity, sai Alcohol, Drugs & Smoking, sai Frightening & Intense Scenes. Kowane kashi yana da hukunci: None, Mild, Moderate ko Severe. Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne ya tsaya a hukuncin. Wannan hukunci ƙuri'ar masu kallo ce, kuma abin da wanda ya saba da komai zai kira Mild yana iya zama abin da zai tashi mahaifiyarka daga falo. Buɗe ka karanta layukan da ke ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Can za ka ga an rubuta cewa mace ta fito daga wanka da tawul, ko an nuna mutum biyu a gado da safe. Idan akwai ɓangaren da aka rufe da sunan Spoilers, shi ma buɗe shi. Gara labarin ya lalace maka kai kaɗai.

Ka sani jama'a ne ke cika wannan shafi, ba ma'aikata ba. Fim ɗin da duniya ta kalla yakan samu cikakken bayani. Wanda bai shahara ba, ko na wata ƙasa mai nisa, za ka iya tarar da shi fayau. Shafi fayau ba shaidar tsafta ba ce, alama ce kawai cewa ba wanda ya zauna ya rubuta.

Na biyu Kids-In-Mind. Shi yana ba fim lamba uku, kowace daga 0 zuwa 10: ta farko jima'i da tsiraici, ta biyu tashin hankali da jini, ta uku munanan kalmomi. In ka ga 2.6.3, ka san faɗa ne ya fi yawa. Abin da nake so da shi shi ne ba ya yi maka wa'azi kuma ba ya yi wa fim ado. Yana lissafa abin da ido ya gani har da irin rigar da aka sa, kuma a ɓangaren kalmomi yana ƙirga sau nawa aka ambaci sunan Allah ko na Yesu a wurin zagi ko rantsuwar banza. Ga wanda wannan ke damunsa, ba ƙaramin taimako ba ne.

Na uku, don batun aƙida, Plugged In. Na wata ƙungiyar Kiristoci ce a Amurka mai suna Focus on the Family, kuma a sharhinsu akwai sashe na musamman mai suna Spiritual Elements, inda suke faɗin ko akwai tsafi, kiran matattu, bautar gumaka, ba'a da addu'a, ko wata koyarwa game da rai da lahira. Musulmi ma zai amfana da shi ƙwarai, in dai ya ɗauki bayanin ya bar hukuncin, domin ma'auninsu na Kiristanci ne: abin da ya shafi nuna annabawa, alal misali, ba lallai su ɗauke shi matsala ba. Akwai kuma Common Sense Media, wanda ke ba da shawarar shekaru tare da ra'ayoyin iyaye, sai dai ma'auninsa ba na addini ba ne, kuma wani abin da zai yaba wa fim a kai shi ne ainihin abin da wani gidan ke gudu.

Ba sai ka bi duka huɗun ba. Biyu sun isa, ɗaya mai lissafi ɗaya mai duba aƙida. In sun saɓa wa juna, ɗauki wanda ya fi tsanani har sai ka gani da idonka.

Daga nan karanta labarin fim ɗin gaba ɗaya, har ƙarshe, a sashen Plot na Wikipedia. Tambaya ɗaya nake riƙewa a raina: wa ya ci riba a ƙarshe, kuma ta wace hanya? Mugun abu yana iya fitowa a fim a matsayin mugu, ya ja wa mai shi nadama. Wannan dabam yake da fim ɗin da aka yi wa saɓo kwalliya, mai yin sa ya tashi da yabo. Lissafin sumba da ashar ba ya nuna wannan bambancin, ƙarshen labari ne ke nunawa.

Tallar fim kuwa, wato ɗan guntun da ake saki kafin fitowarsa, kada ka dogara da ita ko kaɗan. An tsara ta ne don ta jawo kowa.

Mataki na biyar: bincika rubutun maganganu

Wannan dabarar ba kowa ya san ta ba, kuma ita ke ceto idan shafuka ba su ce komai ba. Rubutun da ke fitowa a ƙasan allo sau da yawa fayil ne dabam mai ƙarewa da .srt, kuma rubutu ne zalla da za ka iya buɗewa da Notepad. Kowace magana tana tare da lokacinta, kamar haka:

```
612
00:47:10,200 --> 00:47:13,000
[chanting]
```

Danna Ctrl+F ka riƙa neman kalmomi ɗaya-ɗaya. Ga waɗanda nake fara nema a fim na Turanci:

```
God  Jesus  Allah  pray  spirit  spell
kiss  bed  naked  sex  drunk
```

Duk inda ka samu, karanta layi uku kafinsa da layi uku bayansa, ka rubuta lokacin. In akwai zaɓi, ɗauki rubutun da aka yi wa lakabin SDH, wanda ake yi don kurame, domin shi yana faɗin har sautukan da ba magana ba, kamar nishi, kuka ko waƙen tsafi. Iyakar wannan dabara a fili take: tana jin kunne ne, ba ta gani. Mace za ta iya tuɓe kaya ba tare da an furta kalma ɗaya ba. Kuma in fim ɗin fassararre ne da murya, abin da mai fassara ya faɗa yana iya bambanta da rubutun, ya tsaftace wani wuri ko ya ƙara nasa gishirin a wani.

Mataki na shida: gani da ido

Fim ɗin da ya tsallake duk waɗannan, in za a kalle shi da yara ko da manya da ake jin nauyinsu, sai wani babba ya duba shi shi kaɗai. Ba lallai ne a kalle shi duka a saurinsa na asali ba. Fara da lokutan da ka rubuta. Sannan ka bi sauran da sauri: fim mai minti 112 yana ƙarewa a kusan minti 75 in ka ƙara saurinsa zuwa 1.5x, a minti 56 in ka ninka shi. A manhajar kallon bidiyo ta VLC maɓallin ] yana ƙara sauri. Na fi son ƙara sauri a kan tsallake-tsallake, domin mai tsallake minti ɗaya-ɗaya yana iya haure wurin da bai wuce daƙiƙa goma sha biyar ba, kuma irin waɗannan su ne ke ba da kunya.

Akwai wuraren da nake rage gudu ko da ba wanda ya ambace su: duk inda dare ya yi aka shiga ɗaki, wurin biki ko gidan rawa, bakin ruwa, mafarki, da waƙoƙi. A finafinan da ke da waƙa da rawa, sau da yawa labarin lafiya lau yake, waƙar ce ke zuwa da shigar da ba ta dace ba. Ka kuma bari sunayen ƙarshe su wuce, domin wasu finafinan suna ɓoye ƙarin wasa a bayansu.

Yadda na bi da wani fim kwanan nan

Ɗana mai shekara goma sha huɗu ya zo mini da wani fim na neman taska a cikin daji. "Abba, wallahi babu komai a ciki, duk 'yan ajinmu sun kalla." Ƙanwarsa mai shekara tara ita ma za ta zauna. Na ce ya ba ni zuwa gobe.

Suna da shekara sun dace, tsawonsa minti 112 a shafi, 112 a kwafinmu. Alamarsa PG-13, dalilin da aka rubuta faɗa ne, 'yan munanan kalmomi, da brief suggestive material. A IMDb kashin Sex & Nudity ya nuna Mild, da layi huɗu a ƙasa: sumba biyu, wata ba'a a kan kwana tare, da wata mace da ta yi iyo da ƙananan kaya. Uku na farko suna gida na biyu a takardarmu, na huɗun yana bakin iyaka, sai na gani. Ashar babba guda ɗaya, da ambaton sunan Allah a wurin mamaki sau da dama.

Abin da alama ba ta ambata ba sam, sai a sashen aƙida na same shi: jaruman suna zuwa wurin wata tsohuwa ta kira musu ruhin kakansu ya nuna musu hanya. Na koma labarin in ga ko yaudara ce aka tona daga baya. Ba yaudara ba ce. A cikin fim ɗin abin ya yi aiki, da shi suka sami taskar. A fayil ɗin rubutu kalmar spirit ta fito a wajen minti 47, ta sake fitowa sau da yawa daga minti 95 zuwa ƙarshe.

A nan ne hukunci ya fito da kansa. Iyon a gefen labari yake, ana iya tsallake shi ba a rasa komai ba. Sumba ma haka. Amma kiran ruhin shi ne ginshiƙin labarin, in ka cire shi ƙarshen fim ɗin ba ya da ma'ana. Wannan ita ce ƙa'idar da nake bi: abin da ke gefen labari ana tsallake shi, abin da labari ya tsaya a kansa ba ya tsallakuwa. Kuma in wuraren tsallakewa sun wuce uku ko huɗu, na haƙura da fim ɗin, domin kallo da yatsa a kan rimot ba hutu ba ne, kuma ko ba daɗe ko ba jima hannu zai makara.

Washegari ban ce masa "a'a" kawai ba. Na nuna masa takardar, na nuna masa minti 47, na gaya masa dalilin da ya sa ba zan so ƙanwarsa ta ga ana roƙon matacce kuma roƙon ya karɓu ba. Ya ɗan ɓata rai, ya ce ai shi ya san ƙarya ce. Na ce na yarda ya sani, ita fa? Muka nemo wani tare, shi ya buɗe Parents Guide ɗin da kansa yana karanta mini. Duka binciken na farko bai kai minti ashirin da biyar ba, kuma ban ma kai ga mataki na shida ba.

Masu dogon zango, da abin da ke biyo bayan fim

Shiri mai dogon zango ya fi fim wuyar tantancewa, domin kashi na farko ba ya wakiltar sauran. An sha fara shiri a natse, sai a zango na biyu ko na uku, bayan an riga an shaƙu da mutanen cikinsa, a shigo da abin da da farko ba za ka yarda da shi ba. A lokacin kuwa hana yara ya zama rigima. Saboda haka karanta bayanin shirin gaba ɗaya tun kafin a fara kashi na ɗaya, ka kuma sake dubawa duk lokacin da sabon zango ya fito. Ka tuna cewa alamomin talabijin na Amurka masu shirin ko tashar ne ke sa wa kansu, ba wata hukuma ta waje ba.

Sannan ka rufe ƙofar baya. Kana iya tantance fim tsaf, ya ƙare lafiya, sai manhajar ta jefo tallar wani fim da kanta a gaban kowa. A Netflix akwai wurin kashe wannan a saitin kowane mai kallo, mai suna Autoplay previews. Nan kuma za ka iya buɗe wa yara nasu ɓangaren ka ƙayyade masa shekaru, ka toshe wani fim da sunansa ko da alamarsa ta halatta shi, ka sa wa ɓangaren manya lambar sirri mai lamba huɗu. Sauran manhajojin suna da makamancin haka. Ƙayyade shekarun dai da alamar nan yake aiki, wadda muka ga ba ta duba aƙida, don haka toshewa da suna ita ce ke kama abin da ya zille.

Abu na ƙarshe da nake yi shi ne ajiye 'yar takarda a waya. Kowane fim layi ɗaya: suna, shekara, tsawon minti, hukunci, da lokutan tsallakewa, misali 47:10 zuwa 47:35. A ranar kallo rimot yana hannun wanda ya duba fim ɗin, ba a ƙarƙashin matashi ba, kuma ana fara tsallakewa daƙiƙa goma kafin lokacin da aka rubuta, domin kwafi da kwafi sukan ɗan saɓa, musamman in ɗaya yana da tambarin kamfani a farko ɗaya ba shi da shi. Mai ɗakina tana da irin takardar a wayarta, ƙanwata ma ta karɓa, kuma in ɗayanmu ya ƙara fim sai ya rubuta tsawon kwafin da ya duba a gefensa, don wanda zai kunna ya gwada da nasa kafin a zauna.